Tikitin 2-1 da lissafin da ke bayansa

Daren 25 ga Mayu, 2005, a Istanbul, aka tafi hutun rabin lokaci AC Milan na gaban Liverpool da ci 3-0, aka cika minti 90 ana 3-3. Liverpool ce ta ɗauki kofin a bugun fanareti, amma wanda ya sa kuɗinsa kan cewa ita za ta ci wasan ya tashi a tutar babu. Kamfanonin cacar ƙwallo minti 90 da ɗan ƙarin alƙalin wasa kawai suke lissafawa. Masu cankar ainihin sakamako, abin da ake rubutawa Correct Score, sai mai 3-3 aka biya. A HT/FT kuwa, inda ake cankar yadda za a je hutu da yadda za a tashi, sai wanda ya ce Milan a hutu, canjaras a ƙarshe.

Biyan ba shi da wuya. Ana ninka kuɗin da aka sa da lambar da 'yan caca ke kira od. Naira 500 kan 2-1 a od 8.00 za ta dawo da 4,000, kuma uwar kuɗin na ciki, ribar 3,500 ce. In aka tashi 3-1, ƙungiyarka ta ci, kuɗinka sun tafi.

Ina kamfani ke cin nasa? HT/FT hanyoyi tara gare shi. Mu ƙaddara od ɗinsu 3, 5, 5, 8, 10, 16, 16, 25 da 40. A ce mutum na son ya karɓi naira 100,000 ko yaya aka tashi, sai ya sayi duk taran. Ta od 5 zai sa mata 20,000, ta od 40 kuma 2,500, haka har ƙarshe. In ya tara, ya kashe kusan 114,800 don ya karɓi 100,000. Wannan gibin, wajen naira 13 cikin kowace ɗari, shi ne rabon kamfani tun ba a take leda ba. A cankar nasara ko canjaras ta manyan wasanni, rabon kan tsaya kusa da naira biyar.

Yawan hanyoyin ne ke ɓoye shi. Lambobi uku kowa na iya auna su, amma wa zai zauna ya lissafa sakamako ashirin da wani abu? Kamfani kan ɗan gutsiri kowanne, ya fi gutsura a manyan lambobi, don ya san ido can yake zuwa. Sakamakon da ya cancanci od 60 sai a sa masa 40, mai saye ya ga garaɓasa, alhali an zabge masa sulusi. Sannan shi ma kamfanin ba ya iya tantance yiwuwar 4-3 daidai, kuskure kaɗan a irin wannan lamba kuwa biya ne mai nauyi. Kuɗin wannan fargabar a kan mai tikiti yake ɗora shi.