In Kamfanin Maigida Ya Rushe, Ina Kuɗin Fansho?

Uwargida, da masaƙar KTL ta Kaduna ta rufe a 2002, ma'aikatanta sun shekara da shekaru suna jiran hakkinsu, domin kuɗin sallamarsu yana hannun kamfanin.

Tun 2004 doka ta raba kuɗin fansho da kamfani. Yanzu akan cire kashi 8 cikin ɗari na albashin maigida, kamfani ya ƙara 10, a zuba a asusu mai sunansa. Ko kamfani ya rushe, masu binsa bashi ba su taɓa asusun.

Dokar 2014 ta tanadi Asusun Kare Fansho don cike giɓi in an yi hasara wajen juya kuɗin. Amma abin da kamfani ya cire bai zuba ba, kamfanin ake bi. Saboda haka maigida ya riƙa duba takardar asusunsa. In wata ya wuce ba a zuba ba, ya kai kuka hukumar fansho, PenCom.