Abin da Maɓallin Boost Ke Ɓoyewa

A ce wata mai sayar da turaren wuta a Kano ta ɗora hoton kayanta a shafinta na Facebook, sai ta ga shuɗin maɓallin nan na Boost post. Ta danna, ta sa naira 20,000 na kwana biyar. Washegari hoton ya cika da masu nuna sha'awa da masu rubuta "Masha Allah". Kwana biyar suka cika, ko kwalba ɗaya ba ta sayar ba.

Ba a cuce ta ba, abin da ta nema aka ba ta. Tsarin talla na kamfanin Meta yana farauto mutanen da suka fi saurin aikata abin da mai talla ya zaɓa. In manufar da ta bari ita ce jan hankali ga hoton, za a kai shi gaban masu saurin danna alamar so, waɗanda da yawansu 'yan kallo ne. Maɓallin ma yana da zaɓin neman saƙo ta WhatsApp, amma mai gaggawa yakan wuce da abin da ya tarar an riga an zaɓa masa.

A Ads Manager kuwa, tambayar farko ke nan: me kike so? Manufofi shida ne, daga cikinsu akwai Engagement da Leads da Sales. Sai matakin Ad set, inda za ta tsayar da gari da shekarun masu gani da wurin da tallan zai fito. Tana iya sa hotuna biyu su yi takara, ta kashe wanda ya gaza.

Inda na fi ganin amfaninsa shi ne bayan kuɗi sun fara fita. Tallan da aka yi ta Boost ma yana bayyana a can, don haka tana iya buɗe Breakdown ta ga yadda kuɗinta suka rabu bisa shekaru da jinsi da jiha. Wataƙila ta tarar rabi ya tafi kan samarin da ba ruwansu da turare. Ta duba Cost per result: in 20,000 ta kawo saƙo 40, kowane saƙo ya ci 500. In ribar kwalba 1,500 ce, kuma mutum ɗaya cikin biyar ke saya, ta kashe 2,500 don ta samu 1,500. Tulin masu yabo ba zai nuna mata wannan asara ba.

Akwai kuma wani caji da masu iPhone ke biya ba su lura ba. Tun shekarar 2024, tallan da aka biya ta manhajar Facebook ko Instagram a iPhone ana ɗora masa kashi 30 cikin ɗari na kamfanin Apple. Hajiya, in ma maɓallin za ki danna, shiga ta facebook.com a burauza, wannan ƙarin ba ya hawa kanki.