Daga Delhi zuwa Chennai: Me Ƙarin Kuɗin Tikiti Yake Saya?

Jirgin ƙasan Tamil Nadu Express yana cin tafiyar kusan kilomita 2,200 daga Delhi zuwa Chennai cikin awa 33, wato kwana biyu da yini guda a hanya. Mutanenmu masu zuwa Indiya neman magani ko karatu sukan rikice wajen sayen tikiti, domin taragun sun kasu aji-aji, kuma tazarar kuɗinsu babba ce.

Aji na biyu iri biyu ne. Akwai taragon gama-gari, inda ba a keɓe wa kowa kujera, wanda ya riga shiga shi ke zama. Sai na kwana, wanda ake rubuta SL a tikitinsa. A nan kowa da gadonsa, gadaje shida a kowane lungu, uku-uku bisa juna, da wasu biyu a gefen hanya. Fanka ce kawai ke aiki, tagogi a buɗe suke, ba a ba da bargo. A watan Mayu, lokacin da zafi kan wuce digiri 40, iskar da ke shigowa kanta ƙuna take yi, ga ƙura.

Daga nan sai taragun na'urar sanyaya ɗaki. A 3A tsarin gadajen bai canja ba, amma tagogi a rufe suke, kuma ana ba da zanin gado, bargo da matashin kai. Kuɗinsa ya haura ninki biyu na SL. Matsalarsa gadon tsakiya ce: muddin an shimfiɗa shi, mai gadon ƙasa ba zai iya zama a miƙe ba. Shi ya sa aka ƙayyade amfani da shi daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe.

A 2A babu gadon tsakiya. Gadaje huɗu ne a lungu, da labule da fitilar karatu. A aji na ɗaya, 1A, ɗaki ne na mutum biyu ko huɗu, mai ƙofar da ake kullewa daga ciki, kuɗinsa kuwa ya kai wajen ninki shida na SL.

Babban sauyi yana tsakanin SL da 3A ne, domin nan ake rabuwa da zafi da ƙura. Abin da ke sama da haka sarari da sirri ake saya, tunda lokaci ɗaya kowa zai isa. Ɗalibi mai lafiya 3A ya ishe shi. Wanda ya rako tsoho ko mara lafiya ya nemi 2A, kuma ya zaɓi gadon ƙasa tun wajen sayen tikiti, don hawa gadon sama wahala ce ga mai ciwon gwiwa.