Daga bolt 12 zuwa 5: yadda bok-kwambata ke rage wuta

Batirin solarka bolt 12 yake bayarwa, wayarka kuwa 5 take so. Ragowar bakwai ɗin fa?

In ka sa 7805, zafi suke komawa. Waya ta ja amfiya ɗaya, wat bakwai ke nan sun tafi a banza, biyar kacal suka shiga wayar. Shi ya sa yake ƙona yatsa.

Shi kuwa bok-kwambata dabararsa daban. Akwai makunni a cikinsa mai kunnawa da kashewa da sauri. Na LM2596 sau 150,000 yake yi a daƙiƙa. In ya kunna, wuta ta bi ta indakta, wato naɗin wayar nan, shi kuma ya adana wani kaso a matsayin ƙarfin maganaɗisu. Da an kashe, indakta ba ya yarda gudun wutar ya tsaya kwatsam, sai ya ci gaba da turo abin da ya tara, ta hanyar dayod. Kafasita ta daidaita sauran.

To, kason lokacin da makunnin ke kunne shi ne duti-saikul, D:

```
Vout ≈ D × Vin
```

Biyar a raba da 12, kusan 0.42. Ka ga batirin ba kullum yake bayarwa ba: kimanin rabin amfiya za a ja daga gare shi, waya ta samu ɗaya cur.

Amma fa ragewa kawai ya iya. Batiri ya sauko dab da bolt 5, cajin ya fara yankewa.