Juma'ar da ake rabawa biyu

A kamfanoni da dama na Amurka akwai wani tsarin aiki da ake kira 9/80, wato awa 80 cikin kwana 9. Maimakon ma'aikaci ya yi kwana goma yana aikin awa takwas-takwas a mako biyu, sai ya riƙa yin awa tara daga Litinin zuwa Alhamis. A Juma'ar farko ya yi awa takwas, ta biyun kuma ya huta a gida. Ƙarin awa ɗaya a kwana takwas shi ne kuɗin hutun.

Wahalar tana wajen doka. Idan aka ƙirga daga Litinin, makon farko awa 44 ne, na biyu 36. Dokar ƙwadago ta tarayyar Amurka, wadda aka kafa a 1938, ta ce duk abin da ya haura awa 40 a mako sai a biya shi a kan ladan awa ɗaya da rabi, ga ma'aikatan da dokar ta shafa. Ba ta kuma yarda a haɗa mako biyu a raba daidai ba. Ke nan kamfani zai riƙa biyan ƙarin ladan awa huɗu duk bayan mako biyu.

Sai dai dokar ba ta ce dole mako ya fara ran Litinin ba. A wurinta mako awa 168 ne a jere, mai kamfani ne ke tsayar da mafarinsa. Saboda haka sai a ajiye mafarin a tsakiyar Juma'a. Wanda ke shiga aiki ƙarfe takwas na safe, makonsa na ƙarewa ƙarfe sha biyun rana. Awa huɗun safe su cika 36 ɗin da ya riga ya yi, na yamma kuma su tafi mako mai zuwa. Kowanne ya tashi 40 cif.

A ganina dabarar ba ta da aibi, amma ba ta jure sassauci ko kaɗan. A ce ma'aikaci ya roƙi shugabansa ya bar shi ya zo ƙarfe bakwai ranar Juma'a don ya tashi da wuri, shugaban kuma ya amince saboda kirki. Awa takwas ɗin dai ya yi, amma biyar sun faɗa kafin sha biyu. Makon farko ya zama 41, na biyu 39, kamfani ya ci bashin ƙarin lada ba tare da kowa ya lura ba. Haka ma idan aka musanya Juma'ar hutu da ta aiki, ɗaya daga cikin makonnin zai kai awa 44.

Mai binciken albashi kan gano wannan ne idan ya duba lokacin shigar kowa a Juma'ar aiki, ya kuma tabbatar ko na'urar lissafin albashi tana yanke mako a tsakar rana ko tana bin kalanda.