Kuɗin Shiga da Kuɗin Kashewa: Inda Lissafi Ke Cika Baki

A ce mai bincike ya tattara bayanan gidaje, ya ja layin da ya fi dacewa da su, ya samu cewa kowane gida yana kashe naira 20,000 a wata, da ƙarin kobo 70 daga kowace nairar da ta shigo. Gidan da ke samun 100,000 ana sa ran ya kashe 90,000, mai miliyan ɗaya kuma 720,000. Tazarar da ke tsakanin wannan hasashe da ainihin abin da gida ya kashe ita ce saura, kuma a cikinta matsala ke ɓuya.

Talaka ba shi da wurin motsi. Abinci da haya sun cinye kuɗin, don haka da wuya ya kauce wa layin da yawa. Mai hali kuwa, wani ya adana rabi, wani ya aurar da 'ya a watan. Idan aka zana sauran a jadawali, sai a ga ya tsuke a ƙasa, ya buɗe a sama kamar mazurari. Wannan ita ce heterosikedastisiti. Ba ta karkatar da kobo 70 ɗin, amma tana gurɓata ma'aunin kuskuren da ke nuna yadda za a amince da shi. Gwajin Breusch da Pagan na 1979 yana duba ko murabba'in sauran na ƙaruwa tare da kuɗin shiga, gyaran White na 1980 kuma yana sake lissafa ma'aunin. A manhajar Stata:

```
regress kashewa shiga
estat hettest
regress kashewa shiga, vce(robust)
```

Idan bayanan na shekara-shekara ne, wata cutar ce ke fitowa, wato otokorileshan: sauran bana yana bin sawun na bara, domin iyali ba sa sauya yadda suka saba ci dare ɗaya. Gwajin Durbin da Watson yana ba da lamba tsakanin 0 da 4, kuma kusa da 2 ne lafiya. Lamba 0.4 na nufin alaƙar sauran bana da na bara ta kai kusan 0.8. Idan kuɗin shigar ma haka yake bin sawun kansa, ainihin kuskuren ya ninka wanda kwamfuta ta nuna fiye da sau biyu.

Gyaran Newey da West na 1987 yana daidaita ma'aunin, amma ni ban yarda a fara da shi ba. Sau da yawa bin sawun alama ce cewa an bar wani abu a waje, musamman kashewar bara. A saka ta a lissafin, sannan a sake gwaji da na Breusch da Godfrey, domin a wannan hali lambar Durbin da Watson tana karkata zuwa 2 ko da cutar tana nan.