Ƙarnin Kifi: Daga Ina Yake, Me Ke Kashe Shi?

A kusan kowane gida da ake dafa kifi, lemon tsami ne abin da hannu ke fara kaiwa gare shi da zarar an ce ƙarni. A matse shi a kan tarwaɗa, a matse a kan titus, har banda ma wasu suna matsa wa. Wata rana a dace, wata rana kuma miya ta nuna amma yara su tura kwano gefe, uwargida ta rasa inda ta yi kuskure alhali abin da ta saba yi ne ta yi. Dalilin shi ne ƙarnin kifin ƙanƙara daban, na kifin kogi da tafki daban, na busasshen kifi ma daban. Tushensu uku ne, kuma maganin ɗaya ba lallai ne ya yi wa ɗaya aiki ba.

Na kifin teku ya fi sauƙin fahimta. Titus da kote da shawa da ake shigo da su a daskare, wasu tun daga ƙasashe irin su Norway da Holan, suna rayuwa ne a ruwan gishiri, kuma jikinsu na ajiye wani sinadari da ke taimaka musu jure wannan ruwan. Muddin kifin na raye sinadarin ba shi da wari. Da ya mutu sai ƙwayoyin bakteriya da ke kan fatarsa da cikin hanjinsa su fara juya shi zuwa wani sinadarin mai suna tiraimetilamin, wanda shi ne ainihin ƙarnin da ke cika ɗakin girki ya kama labule. Kifin da ya taso daga tashar jirgin ruwa ta Legas zuwa Kano ko Katsina, ya kwana a ɗakin sanyin da wuta ke zuwa tana ɗaukewa, ya narke ya sake daskarewa, ya ba bakteriya lokaci mai yawa na wannan aiki.

A nan ne lemon tsami yake da cikakken iko. Tiraimetilamin sinadari ne mai saurin tashi cikin iska, shi ya sa hanci ke kama shi. Idan ya haɗu da abu mai tsami sai ya koma wani nau'in gishiri da ba ya tashi, yana narkewa a ruwa kuma ana ɗauraye shi ya tafi. Ruwan tsamiya na yin wannan aikin, ruwan khal ma haka. Madarar shanu tana yi ta wata hanyar, domin furotin ɗin da ke cikinta yana kama sinadarin, don haka jiƙa yankan titus a madara na kamar minti 20 yana rage ƙarni sosai, sai dai tsadar madara ta sa ba kowa zai bi nan ba. Abin da ya kamata a guje wa shi ne kanwa. Kanwa kishiyar tsami ce, tana ƙara sakin sinadarin ne cikin iska, shi ya sa miyar kuɓewa da aka jefa wa kanwa da kifin ƙanƙara kan fi ƙarni.

Amma kifin da ya fi wahalar da mata a ƙasar Hausa shi ne tarwaɗa, musamman ta kiwo, kuma ita ce ta fi cancantar a tsaya a kanta. Tarwaɗa kifin ruwan daɗi ce, wancan sinadarin na kifin teku kaɗan ne a jikinta. Ƙarninta yana fitowa ne daga yauƙin da ya lulluɓe fatarta, daga jinin da ke cikinta, sannan daga wani sinadari mai warin laka da ake kira jiyosmin. Wasu ƙananan halittu ne da ke cikin taɓo da koren ruwan tafki suke samar da shi, kuma shi ne dai ƙamshin da ƙasa ke yi idan ruwan farko ya sauka. Masana a jami'ar Rutgers ta Amurka ne suka ware shi suka raɗa masa suna a 1965. Hancin ɗan Adam yana jin sa ko da ɗan mitsitsi ne a cikin ruwa mai yawa. Kifi yana shaƙar sa daga ruwan da yake ciki, ya taru a kitsensa da ƙarƙashin fatarsa. To abin da ya shige cikin kitse, wankin waje kawai ba zai kai gare shi ba.

Mu ɗauki tarwaɗa guda mai nauyin kilo ɗaya, wadda aka sayo da rai. Idan da hali, aikin yana farawa tun kafin a yanka ta. A sa ta a baho mai ruwa mai tsabta, kada a ba ta abinci, a riƙa canja ruwan kullum. Hanjinta zai wanku cikin kwana ɗaya ko biyu, warin lakar kuma yana raguwa a hankali cikin kwanaki, har yakan kai mako idan tafkin da ta fito ya yi kore sosai. Masu kiwon da suka san sana'arsu suna yin haka kafin su kai kasuwa, kuma mai saye yana da haƙƙin tambaya ko an yi.

Bayan an yanka, a bar jinin ya tsiyaye, sai a koma kan yauƙi. A zuba mata gishiri kamar cokali 3 na cin abinci, ko tafin hannu na tokar murhu mai tsabta, a murza ta daga kai zuwa wutsiya. Daga nan a kwara mata ruwan zafi. Ruwan da ake so shi ne wanda ya tafasa aka sauke ya ɗan huce, zafinsa tsakanin digiri 60 zuwa 70. Cikin ƙasa da minti ɗaya yauƙin zai dunƙule ya yi fari, a kankare shi da bayan wuƙa. Idan ruwan yana tafasa aka zuba, fata za ta sale, naman saman ya fara dahuwa, kifin ya dagargaje a tukunya. Alamar an gama ita ce idan aka shafa yatsa a fatar ba ya zamewa. Wasu suna amfani da alif, kuma yana cire yauƙi da kyau, sai dai yana barin bauri idan ba a ɗauraye sosai ba. Wadda ta yi amfani da toka ta tuna cewa toka 'yar uwar kanwa ce, dole a wanke ta tas kafin a zo kan lemo, in ba haka ba su kashe wa juna ƙarfi.

Cikin kifin ne wurin da aka fi yin sakaci. A tsaga cikin a hankali don kada a fasa matsarmama, domin idan ta fashe ɗacinta yana shiga nama, kuma duk inda ya yi kore gara a yanke shi a yar. A cire jan naman nan mai kama da matsefi da ke cikin kai, wanda kifi ke numfashi da shi, don can ne laka da bakteriya suka fi taruwa. Tarwaɗar kiwo kan tara dunƙulen kitse mai ruwan ɗorawa a cikinta, shi ma a cire shi gaba ɗaya, ko da ran mutum yana cewa asara ce. Sannan a duba jikin ƙashin baya ta ciki, za a ga wani baƙin layi mai kama da daskararren jini a ƙarƙashin wata siririyar fata. Ƙodar kifin ce. A tsaga fatar da bakin wuƙa, a kankare da cokali ko tsinken tsintsiya, a wanke har sai ƙashin ya fito fari. A ganina wannan layin kaɗai ya fi kowane abu ɓata farfesun kifi a gidajenmu, kuma cire shi bai fi aikin minti biyu ba.

Sai yanzu lemo ya zo. Lemon tsami 2 sun ishi kilo ɗaya, da ɗan gishiri, a bari minti 10 zuwa 15, a ɗauraye, a tsane da kyau. Idan ya wuce haka tsamin zai fara cin naman, ya yi fari ya yi gautsi. Citta da tafarnuwa da masoro da ɗaɗɗoya suna zuwa ne bayan duk wannan, aikinsu rufe ɗan abin da ya rage. Idan aka dogara da su kaɗai, ƙarnin yana dawowa da zarar miya ta huce.

Banda kuma, wadda ake kawowa daga Baga a bakin tafkin Chadi ko daga Yauri, matsalarta ta kitse ce da ajiya. Kitsen kifin da ya daɗe yana shan iska da zafi yakan lalace ya yi warin tsohon mai, ga ƙura da yashi, ga tsutsar ƙwaron da ke cin busasshen kifi da kashinta a cikin kai da ciki. Lemo ba ya gyara lalataccen kitse. Abin da ke aiki shi ne a ɓare kifin, a cire kai da busasshen hanji, a jiƙa shi a ruwan zafi mai gishiri na minti 10 zuwa 15. Zafin yana narkar da kitsen saman ya taso, yashi ya kwanta, tsutsa ta fito. A zubar da ruwan, a goge fatar da sabon soso, a sake ɗauraye. Kada a zuba ruwan jiƙon a miya da sunan ana ƙin asarar daɗi. Idan bayan haka naman yana da ɗaci ko yana kartar maƙogwaro, lalacewar ta kai ciki. Haka idan banda tana warin magani, domin wasu 'yan kasuwa suna yayyafa fiya-fiya don korar ƙwari, kuma babu wankin da zai ba da tabbacin ya fita.

Akwai warin da bai kamata a nemi kashe shi ba. Ɗanyen kifin da idonsa ya faɗa ya yi hazo, jan naman cikin kansa ya koma ruwan toka, naman ya yi laushin da idan aka danna yatsa ramin ba ya cikowa, ko yake wari mai yaji kamar na tsohon fitsari, ya riga ya ɓaci. Haɗarin ya fi yawa a titus da danginsa, saboda idan suka daɗe ba sanyi bakteriya na tara sinadarin histamin a namansu. Lemo zai iya danne warin, amma histamin ba ya mutuwa da suya ko dahuwa ko banda. Wanda ya ci yakan ji yaji-yaji a baki, fuska ta yi ja, jiki ya hau ƙaiƙayi, kai ya yi ciwo, wani lokaci da gudawa, duk cikin 'yan mintuna zuwa awa biyu. Yawanci yana lafawa cikin yini, amma idan numfashi ya fara wahala ko leɓe da harshe suka kumbura, a garzaya asibiti nan take, ragowar miyar kuma a zubar da ita kada wani ya ci.